Dattijo ya shekara biyu yana shan filasko, ta ina za a fara raba shi da shi?

Assalamu alaikum. Tambayata ga likitoci da masu haɗa magunguna da ke nan Kano.

Dattijo ne mai shekara 68 a Fagge. Ya fara da rabin ƙaramin cokali na ganyen filasko busasshe, daga Kasuwar Kurmi, a jiƙa a ruwan zafi da daddare, sau ɗaya a mako. Yanzu shekara 2 kullum yake sha, ya kai cokali 2. In bai sha ba, sai ya kwana 4 ba bayan gida.

Filasko ba laushin kashi kawai yake yi ba, tsikarar babban hanji yake ya riƙa murɗawa, ya kuma hana shi tsotse ruwa, shi ya sa cikin ke motsawa bayan awa 6 zuwa 12. Ƙa'idarsa kar a wuce mako ɗaya ba da izinin likita ba. In aka daɗe, gishirin fotasiyam na zubewa tare da zawon, ƙarancinsa kuma na sa hanji kasala, mutum ya ƙara cokali.

Abin da ya ɗaure min kai: yana shan kwayar hawan jini mai sa fitsari, wadda ita ma ke zubar da fotasiyam. Ga ƙafafu na ƙandarewa da dare, ga faɗuwar gaba. An gwada yankewa lokaci guda, ƙafafunsa suka kumbura, ciki ya ɗaure, ya koma.

To, a fara auna fotasiyam da ƙoda kafin a taɓa komai? Ragewar kuma, rabin cokali duk mako ya yi sauri? Laktulos, maganin laushin kashi, za a shigar tun ranar farko, ko sai an rage? Zogale da kuɓewa yana ci, ruwa ne dai ba ya sha sosai.