"Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne": ya dace in buɗe saƙon sulhu da ita?

Ɗan Tudun Jukun:
Assalamu alaikum. Ni da aminina mun saɓa wata biyu ke nan, kuma tun muna makarantar allo muke tare. Na ranta masa kuɗi, lokacin biya ya wuce, sai na yi masa maganar a majalisarmu gaban mutane, na ce shi dama ba ya riƙe alkawari. Ya ce mini arzikin nawa na yaushe ne. Tun ranar ko a masallaci muka haɗu kowa sai ya kau da kai. Ina so in tura masa saƙo, ga abin da na rubuta: "Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Na ga shirun ya yi yawa, shi ne na ce bari in taɓa ka." Ya yi, ko in canza?

Bazazzagiya:
Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, don Allah kada ka tura. Sake karantawa da idonsa. In kai ne mai durƙusawa, to wane ne wadan? Shi ke nan. Mutumin da ciwonsa shi ne ka ƙasƙantar da shi gaban jama'a saboda kana binsa bashi, kalmar farko da zai gani daga gare ka bayan wata biyu ita ce wada. Wannan karin magana mutum kansa yake faɗa wa, ko wani babba ya faɗa masa a keɓe don ya sanyaya masa zuciya ya je ya ba da haƙuri. Ba a faɗa wa wanda za a ba haƙurin.

Mai Shayin Kwangila:
Hajiya, ni ban ga zagi a ciki ba. Karin magana ce kowa ya san ta, ba wanda ke tsayawa ya auna tsawon wadan. Kuma tsakanin abokai maza ana faɗin abin da ya fi haka a yi dariya. Ai an ce faɗan da ya fi ƙarfinka mai da shi wasa.

Bazazzagiya:
Ana faɗa a yi dariya in ana shiri, kuma ido na ganin ido. A rubuce babu murya babu fuska. Zai karanta ne shi kaɗai da dare, ya maimaita sau biyar, kowane karo yana ƙara masa ma'ana. Ita ma wadda ka kawo ba wurinta ba ne. Ana mai da faɗa wasa ne in abokin faɗan ya fi ka ƙarfi kana neman tsira. Nan ba tsira ake nema ba, aminci ake so ya dawo.

Abban Sadiya:
Shawarata kada ka tsaya kan saƙo, ka samu waliyyinta ko wata gwaggonta a je biko yadda aka saba. Wata biyu ya yi yawa mace tana gida.

Ɗan Tudun Jukun:
Yaya, aboki ne namiji, ba iyali ba.

Abban Sadiya:
Afuwan, na karanta a gurguje. Amma maganar a sa wani a tsakani tana nan. Majalisar taku ba ta da babba?

Almajirin Ƙofar Doka:
Bari in sa baki. 'Yar'uwarmu ta yi daidai kan wadan, amma jimla ta biyu ta fi damuna. "Na ga shirun ya yi yawa." Shirun wa? Yadda aka rubuta, kamar shi ne ya yi shirun, kai kuma ka gaji da jira ka yi masa alfarma. Ka ɗora masa laifin gabar tun bai buɗe baki ba. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hangi na wani. A labarin da ka ba mu da bakinka, kai ka fara kai maganar bashi majalisa. Abin da ya mayar maka ya yi zafi, ban musa ba, amma martani ne.

Sai kuma abin da ya fi karin magana nauyi. Hadisin Abu Ayyub al-Ansari da Bukhari da Muslim suka ruwaito ya ce bai halatta Musulmi ya ƙaurace wa ɗan'uwansa fiye da dare uku ba, su haɗu wannan ya kau da kai wancan ya kau da kai, kuma mafi alherinsu shi ne wanda ya fara sallama. Dubi yadda ya siffanta abin da kuke yi a masallaci daidai. Ka lura kuma ba a ce mai laifi ne zai fara ba, ba a ce ƙarami ba. Cewa aka yi wanda ya fara shi ne ya fi. To ka ga ba ka ma buƙatar wada a lissafin, domin farawa ba durƙuso ba ce balle a nemo mata hujja.

A Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan cikin gari, an ce sallama tana fitar da mutum daga ƙauracewa, amma bai kamata ya bar yi masa magana bayan sallamar ba. Na kawo wannan ne don mutane da yawa sukan jefa "salamu alaikum" a bushe su wuce, su ce sun sauke nauyi. Sallama ƙofa ce, sai an shiga.

Mai Shayin Kwangila:
Allah gafarta Malam, na karɓa. Amma mu abin da muka taso muka ji shi ne babba juji ne. Wanda ya girma a cikinsu shi ya kamata ya haɗiye ya fara. In kai ne ƙarami ka jira shi.

Uwar Biyu:
A gidanmu kuma akasin haka aka koya mana, ƙarami ke zuwa gaida babba ko da shi aka yi wa laifi. Ka ga in kowa ya riƙe tasa, babba na jiran a zo gaishe shi, ƙarami na jiran juji ya haɗiye, sai a shekara. Babba juji ne ana faɗa wa babba ne bayan an zo masa da laifi, don ya yafe. Ba ta ce kowa ya zauna jira ba. Kuma waɗannan sa'o'in juna ne, makarantar allo ɗaya.

Ni abin ya taɓa faruwa tsakanina da aminiyata kan gudummawar biki. Ban rubuta komai ba. Ranar wata Juma'a na yi dambun shinkafa da zogale, irin wanda take so da man gyaɗa da yaji a gefe, na zuba a kula na ba yarinyata ta kai mata Gyallesu. Na ce ta ce Umma na gaishe ki, kada ta ƙara komai. Da la'asar kular ta dawo da ɗanwake a ciki. Kwano ba ya dawowa da abinci daga gidan da ba a son ka. Washegari na je da kaina. Shi ya sa ni ban yarda da saƙon waya ba sam, zuwa da kai ya fi aike, kuma zumunta a ƙafa take.

Bazazzagiya:
Yaya, ai ke ma aike kika fara yi kafin ki je. Kular nan saƙo ce. Namiji ba zai aika wa abokinsa dambu ba, wayar ita ce kularsa. In ya faɗa masa shago kai tsaye gaban masu ciniki, zai iya sa shi ya ɗaure fuska don kada a ce ya yi laushi, a koma gidan jiya. Saƙo yana ba shi damar ya huce shi kaɗai. Ni ina ganin zuwa da kai ya fi aike gaskiya ce, amma aiken ne ke share wa ƙafa hanya.

Almajirin Ƙofar Doka:
Haka nake gani. Saƙon kada ya zama shi ne sulhun, ya zama neman izinin zuwa. Kuma ya yi gajarta. Ka kira shi da sunan da ka saba kiransa, ko laƙabin ƙuruciya ne, kada ka koma masa "Malam wane" ko "Alhaji", domin wannan girmamawar a bakin amini nesantawa ce. Ka ambaci laifinka da sunansa, guda ɗaya. "In na ɓata maka rai ka yi haƙuri" ba ban haƙuri ba ne, wannan "in" ɗin tana nufin kai ba ka ga abin da ka yi ba. Sannan duk inda ka ji hannunka zai rubuta "amma kai ma", ka tsaya nan. Abin da ya faɗa maka ka bar masa, shi zai kawo shi da kansa in ya ga ka sauko. Magana zarar bunu ce, ta baki ma ba ta komawa, balle rubutacciya da zai iya ajiyewa ya nuna wa wani.

Ɗan Tudun Jukun:
Na gode ƙwarai. Ga yadda na sake shi: "Assalamu alaikum. Maganar da na yi maka a majalisa gaban mutane ban kyauta ba, ka yafe mini don Allah. Harshe da haƙori ma sukan saɓa. Ina so in leƙo gida gobe bayan isha'i in kana nan." In sa "kuɗin kuma ka manta da su"?

Bazazzagiya:
Wannan ya yi. Ta harshe da haƙori ta zauna, domin ba ta ɗaga kowa sama ba, baki ɗaya suke zaune kuma ba mai iya korar wani. Ka bar ta bayan ban haƙurin yadda ka sa ta. Da ta zo farko sai ta zama kamar kana cewa abin ba komai ba ne. Kuma ka tura a rubuce, ba saƙon murya mai minti huɗu ba, a nan ne "amma" take kutsowa. In ka ga alamar ya karanta bai amsa ba, kada ka bi da wani saƙon, kada kuma ka hau sitatus da habaici. Ka ba shi kwana biyu, ranar Juma'a in an sallame ka miƙa masa hannu.

Maganar kuɗi kuwa kada ka sa. Mutumin da ya ce maka arzikin naka na yaushe ne, ka ce masa ya manta da kuɗi a saƙon farko, zai ji kamar sadaka ka yi masa.

Mai Shayin Kwangila:
Nan kam ban bi ki ba, Hajiya. Ni kullum da masu cin bashi nake, littafi guda gare ni. Wanda ake bi bashi ba ya sakin jiki da mai binsa sai ya san matsayin kuɗin. In bai ji komai a kansu ba, zai ɗauka zuwan na gobe bayan isha'i zuwan karɓar kuɗi ne aka lulluɓe da sallama, sai ya ce ba ya nan. Ko layi ɗaya ne a sa, "ba maganar kuɗi ce za ta kawo ni ba".

Uwar Biyu:
Wannan layin ya fi "ka manta da su" nesa ba kusa ba. Amma ɗan'uwa, tsakaninka da Allah, ka yafe kuɗin ne ko kana so a biya ka? In kana so, kada ka furta yafiya don daɗin baki, wata uku ka dawo kana jin haushi.

Ɗan Tudun Jukun:
Gaskiya ina buƙatarsu, Yaya, na kuɗin makarantar yara ne. Zan iya jira har zangon karatu mai zuwa. Zan sa layin Mai Shayi in tura yanzu. Abin da ban sani ba shi ne in na je, ni zan tayar da zancen lokacin biya ko in jira ya tayar.

Almajirin Ƙofar Doka:
Zuwan farko kada ka tayar. In ya kawo da kansa, ka faɗa masa zangon da za ka iya jira, ku tsayar da wata, ku biyu kaɗai a zaure. In bai kawo ba, ka bar shi sai zama na biyu ko na uku.

Mai Shayin Kwangila:
Na uku ya yi nisa, Malam. Ni dai na biyu.