Gasa kifi a oven: a nade da foil ko a buɗe?

Assalamu alaikum. Ina neman taimako game da gasa tarwaɗa a oven mai zafin digiri 200. An koya mini minti goma ga kowane inci ɗaya na kauri, sannan a ƙara minti biyar idan an nade kifin da foil. A buɗe ƙa'idar tana yi mini daidai, sai dai jelar tana bushewa. Amma idan na nade yanka mai kaurin inci biyu, bayan minti 25 naman da ke jikin ƙaya yana nan da sauran ɗanye, ruwa kuma ya taru a ƙasa. Shin minti biyar ɗin ga kowane inci ne, ko ga kifin duka? Kuma yaushe ya kamata in buɗe foil ɗin domin fatar ta soyu?