Ta yaya zan nemi kafin alƙalami ba tare da aikin ya kuɓuce min ba?

Ɗan Agege: Assalamu alaikum. Shekara huɗu ina fassara, tun da na bar koyarwa na dawo Agege wajen yayana, kuma ban taɓa samun aiki kamar wannan ba. Wani kamfani a Ikeja ya ba ni littafin horar da ma'aikatan lafiya, kalma 60,000 daga Turanci zuwa Hausa, naira 25 kowace kalma, wato miliyan ɗaya da rabi. Sun ce biya sai kwana 45 bayan na miƙa. Kuɗin haya ya taso, man janareto na cin aljihuna, ga Hajiyarmu ba lafiya. Na rubuta wasiƙar neman wani abu a gaba, na zayyana duk wannan, amma na kasa turawa. Me zan ce musu?

Anti Bilki Yaba: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kada ka tura waccan wasiƙar. Allah ya ba Hajiya lafiya, amma cire ta, cire haya, cire janareto. Da zarar sun karanta za su gane ba ka da inda za ka, kuma wanda zai sa hannu a ofishin kuɗi ba zai fitar da ko sisi saboda tausayi ba, takarda yake nema. Yi musu lissafi kawai. In kana kalma 2,000 a rana, kwana 30 ne na aiki, sati shida ke nan da ba za ka karɓi aikin kowa ba. Ɗora kwana 45 a kai, kusan wata uku kana bin su bashi. Ga yadda nake rubutawa, sai ka juya shi Turanci:

"Na gode da kuka ba ni wannan aiki. Tunda zai cinye min sati shida cur, ina neman kafin alƙalami na kashi 30, wato naira 450,000. Sauran naira 1,050,000 a raba uku: zan riƙa miƙa kalma 20,000 duk sati biyu, ku biya naira 350,000 cikin sati guda bayan kowane kashi. Sati shidan zai fara ƙirguwa ne daga ranar da kuɗin ya shigo. Ga takardar neman biya a haɗe."

Jimlar nan ta ƙirgen sati shida ita ce ƙarfinka. Jinkirin ya koma wuyansu.

Malam Sani Alaba Rago: Kashi 30 me? Rabi ko su nemi wani! Ni wata ƙungiya ta sa na fassara mata takardu a 2022, har yau ana ce min oga ya yi tafiya. Kuɗin motar da na kashe zuwa Legas Ailan kaɗai ya isa jari.

Ɗan Agege: Anti, matsalar ita ce na riga na fara. Na yi kalma 8,000, na ma tura musu don su ga hannuna.

Anti Bilki Yaba: Innalillahi. Akwai takardar oda ko yarjejeniya da aka sa wa hannu?

Ɗan Agege: A waya muka yi magana, sai saƙo ɗaya da ya rubuta adadin kalmomin. Amma mutumin kirki ne, abokin yayana ne ya haɗa mu. Ba zan fara da nuna masa ban yarda da shi ba.

Anti Bilki Yaba: Shi ne zai biya ka ko kamfanin? In ya bar aiki gobe fa? Ka tsaya a 8,000 ɗin nan. Sauya layin ƙarshe ya zama "zan ci gaba da zarar takardar oda da kafin alƙalami sun iso". Ka kuma tambaya ko naira 25 ɗin a kan kalmomin Turancin ne ko na Hausar, domin Hausa takan fi tsawo, kuma ko za su cire harajin nan na kashi 5. Naira 75,000 ne a aikinka, in sun cire ka karɓi shaidar.

Maman Hanif: In bashi kake nema ɗan'uwa, ka guji manhajojin nan na waya. Sun kira har surukata.

Usman Idi-Araba: Maman Hanif, ba rance yake nema ba. Anti, da girmamawa, na yi aiki a irin kamfanonin nan. Yawancinsu 'yan tsakiya ne, su ma sai mai aikin ya biya su. In ya kafe a kan 450,000 za su iya cewa babu, su kira wani. Ni da zan bar kafin alƙalamin, in nemi a biya 8,000 da ya riga ya miƙa, naira 200,000. Wannan kuɗin guminsa ne, ba su da bakin musu.

Anti Bilki Yaba: Wannan ai matsayin da zai koma ne in sun ƙi, Usman. Ba a shiga kasuwa da farashin sallamawa.

Ɗan Agege: Na gode duka. Amma gaskiya tsayawa zai yi wuya, na yi masa alkawarin kashi na farko ranar Juma'a. Kuma ina ganin zan bar layi ɗaya na rashin lafiyar Hajiya, ya san ta.

Malam Sani Alaba Rago: To, mu haɗu a Ailan.

Usman Idi-Araba: Ka dai tambaye shi waye ke sa hannu a fitar da kuɗi tukuna. Ka san sunansa?