Ka sayar da mota, ina makomar inshorarta?

Wani ya sayar da motarsa saura wata takwas inshorar ta ƙare, ya tambaya ko ya miƙa wa mai saye takardar kawai. Kusan kowa ya ce kada ya kuskura. Da shi kamfanin inshorar ya ƙulla yarjejeniya, ba da motar ba. Idan sabon mai motar ya yi hatsari inshorar na sunan tsohon, kamfanin zai iya ƙin biya, ko kuma ya biya wanda aka buge ya rubuta hatsarin a kan wanda ya sayar.

Shawarar ita ce ya sanar da kamfanin a rubuce ranar cinikin. In zai sayi wata motar, a mayar da inshorar kan sabuwar, a ƙara ko a rage kuɗi. In ba haka ba ya soke, a maido masa kuɗin sauran watannin bayan an cire caji.

Inda aka fi jan hankalinsa shi ne rangwamen shekarun da bai nemi diyya ba. Wannan nasa ne, ba ya bin motar. Sai dai wata huɗun da ya yi galibi ba a ƙirga su idan ya soke, don cikakkiyar shekara ake lissafawa. Aka ce ya karɓi takardar shaidar rangwamen, ya tambayi wa'adinta. Kamfanoni da yawa shekara 2 suke bayarwa.