Tambarin da ya ƙi ƙanƙancewa: a goge `width` da `height` ne, ko dai wani wurin ciwon yake?

Rabi'u: Assalamu alaikum. Na liƙa tambarin SVG kai tsaye a cikin HTML, na ba shi faɗin fiksel 120 da tsayin 60 a CSS. Maimakon ya ƙanƙance sai ya guntule, kusurwar hagu ta sama kaɗai ke fitowa. Wani ya ce min in goge `width` da `height` na cikin fayil ɗin, wai shi ke nan magani. Haka ne? Ga layin farko:

```
<svg xmlns="http://www.w3.org/2000/svg" width="400" height="200">
```

Ɗanladi: Wa alaikumus salam. Gaskiya ya faɗa maka. Ni duk tambarin da aka turo min, kafin in yi komai sai na share waɗannan biyun. Su ne ke ɗaure zanen a girma ɗaya. Da zarar ka cire su, SVG ai ba ruwansa da fiksel, duk inda ka sa shi zai bi.

Hajiya Binta: Ɗanladi, fayilolin da kake yi wa haka suna da abin da na Rabi'u ba shi da shi. Ka sake duban layin nan, babu `viewBox` a ciki. Idan babu shi, kowace lamba da aka yi zanen da ita fiksel guda ce a allo, ba ƙari ba ragi. Da'irar da aka zana a lamba 300 tana nan a fiksel na 300. To CSS ya ce faɗin wurin 120 ne, shi ya sa duk abin da ya wuce 120 ya faɗa waje, burawza ta ɓoye shi. Abin da Rabi'u ya rage wurin da ake leƙen zanen ne, zanen kansa yana nan da girmansa.

In ya goge `width` da `height` yanzu, abin da yake gani ba zai canja ba ko kaɗan. Ran da kuma ya cire CSS ɗin, zai sami akwati mai faɗin 300 da tsayin 150, don shi ne girman da burawza ke bayarwa idan ba a gaya mata komai ba. Duk inda ka ga zane ya guntule a daidai 300 da 150, ba sai ka yi dogon bincike ba.

Ƙanena Rabi'u, mayar da layin haka:

```
<svg xmlns="http://www.w3.org/2000/svg"
     width="400" height="200" viewBox="0 0 400 200">
```

Lambobi biyun farko su ne inda za a fara kallo, na ƙarshen biyu faɗi da tsayin yankin da kake so a gani. Kana ce wa burawza ne ta ɗauki wannan yanki ta cusa shi cikin kowane akwati aka ba ta. Sai ta raba 120 da 400, ta sami 0.3, ta ninka komai da shi.

Ɗanladi: To Hajiya, me ya sa na sha saka irin wannan fayil marar `viewBox` a cikin `<img>` ya zauna lafiya lau?

Hajiya Binta: Ban musa ba. Idan ta hanyar `<img>` ne, kuma fayil ɗin na da `width` da `height`, Chrome da Firefox kan ɗauke shi kamar hoto su miƙe shi zuwa girman da ka nema. Wato waɗannan biyun da kake cewa a goge, su ne suka rufa maka asiri a can. Ka goge su ka gani, ba `viewBox` ba su, babu abin da burawza za ta auna da shi. Shi kuma Rabi'u a cikin HTML ya liƙa nasa, can babu wannan alfarmar.

Ummi: Ni ma irin matsalata ke nan. Na turo wa wata mai shago tambarinta, da ta ɗora a hoton shafinta na WhatsApp sai gefe da gefe ya yanke, ga shi ya yi dishi-dishi. Wannan `viewBox` ɗin zan saka?

Malam Isa: A'a Ummi, naki daban ne. Hoton nan naki PNG ne ko JPG, kuma manhajar ce ke yanke shi ta mai da shi zagaye. Ki fitar da shi murabba'i, babba, ki bar fili a gefe.

Amma bari in ƙara wani abu a kan na Rabi'u. Mai yiwuwa wanda ya zana tambarin ya fitar da shi da `viewBox` ɗinsa, a hanya aka cire. SVGO, abin matse fayilolin SVG ɗin nan da yawancinmu ke amfani da shi ba tare da mun lura ba, a siga ta 2 da ta 3 yana da `removeViewBox` a kunne tun asali. Idan ya ga lambobin `viewBox` sun yi daidai da `width` da `height`, sai ya ɗauka maimaici ne ya share. Ka gyara fayil yau, ka sake gina aikin gobe, ka tarar ya koma gidan jiya. Rabi'u, ka gwada asalin fayil ɗin da wanda ya fito bayan gini.

Rabi'u: Allah ya saka da alheri. Na saka, ya ƙanƙance daidai. Sai dai a wani wurin akwatin 120 da 120 ne, kuma yanzu ya bar fili sama da ƙasa. Ina so ya cike wurin.

Ɗanladi: Wannan mai sauƙi ne, sa `preserveAspectRatio="none"`, zai cike tsaf.

Hajiya Binta: Zai cike, amma da'irar tambarin za ta koma ƙwai, rubutun ya yi tsayi kamar an ja shi. Mu yi lissafin tare. Zanen 400 da 200 ne, akwatin 120 da 120. Ta faɗi, 120 a raba da 400 ya ba da 0.3. Ta tsayi, 120 a raba da 200 ya ba da 0.6. Lambobin sun saɓa, dole burawza ta zaɓi abin yi, kuma `preserveAspectRatio` ne ke yanke hukunci.

Idan ba ka rubuta komai ba, `xMidYMid meet` ake amfani da shi. `meet` yana ɗaukar ƙaramar lambar, 0.3, zanen ya fito 120 da 60, ya zauna a tsakiya, fili fiksel 30 a sama, 30 a ƙasa. Abin da Rabi'u ke gani ke nan, kuma ba kuskure ba ne. `slice` babbar yake ɗauka, 0.6, zanen ya zama 240 da 120. Tsayi ya cika, amma faɗi ya yi rarar 120, a yanke 60 ta hagu, 60 ta dama. Rabin tambarin ya tafi. `none` kuwa duka biyun yake amfani da su, 0.3 ta kwance, 0.6 ta tsaye, abin da ke lanƙwasa surar ke nan. Kamar kafet ne da bai yi daidai da ɗaki ba, ko ka bar siminti a gefe, ko ka sa almakashi. Babu zaɓin da zai ba ka cikakken tambari mai faɗi, ba yanka ba lanƙwasa, a cikin murabba'i ba tare da fili ba.

Abin da ka iya juyawa shi ne inda filin zai faɗa. In ka sa `xMidYMin meet` zanen ya manne a sama, duk 60 ɗin su taru a ƙasa. Da `slice` ma haka, `xMinYMid slice` zai ajiye ɓangaren hagu ya yanke 120 duka ta dama. Kuma a kula, duk wannan ba ya aiki in babu `viewBox`. Na ga masu kwana suna juya `meet` da `slice` a fayil ɗin da ba shi da abin da za a daidaita.

Ɗanladi: Na yarda a kan tambari. Amma kada a mai da `none` abin ƙyama. Lanƙwasasshen layin nan da ake sa wa tsakanin sassan shafi, da `none` nake yin sa, ya miƙe daga wannan gefe zuwa wancan a waya da kwamfuta, ba wanda ya taɓa cewa ya karkace.

Hajiya Binta: A nan kana da gaskiya, abin da ba shi da surar da ido ya sani ba ya jin ciwon miƙewa. Sai dai in yana da layin gefe, kaurin layin ma zai miƙe ta fuska ɗaya. Sa masa `vector-effect="non-scaling-stroke"`.

Malam Isa: Tunda an zo kan layin gefe, ga wani yankan da ke ruɗa mutane ko da `viewBox` yana nan. Da'ira mai `r="50"` a tsakiyar `viewBox="0 0 100 100"`, da `stroke-width="4"`. Layin yana hawa kan bakin da'irar ne, 2 ciki 2 waje, to 2 ɗin wajen sun fita daga yankin. Za ka ga da'irar ta shafe a wurare huɗu, sama da ƙasa da hagu da dama. Ko `getBBox()` ka kira don auna zanen, ba ya lissafa kaurin layi sai dai jikin surar. Ni `overflow: visible` nake sa wa a CSS in huta.

Hajiya Binta: Malam, hutun nan na ɗan lokaci ne. Yana aiki muddin SVG ɗin na cikin HTML. Ran da aka ɗauki fayil ɗin aka sa a `<img>` ko a matsayin hoton bango, yankan ya dawo. Gara a buɗa yankin, `viewBox="-2 -2 104 104"`, lambobin farko ai suna karɓar ƙasa da sifiri. A Inkscape ma in ka danna Ctrl+Shift+R shafin zai daidaita da zanen.

Malam Isa: In kana da gumaka hamsin da wani ya zana, ba za ka bi su ɗaya-ɗaya ba, Hajiya. Layi ɗaya na CSS ya fi.

Rabi'u: To a ƙarshe, `width` da `height` ɗin, in bar su ko in goge, tunda yanzu akwai `viewBox`?

Ɗanladi: Goge. Ba su da sauran aiki, kuma Illustrator kansa in ka zaɓi Responsive wajen fitarwa ba ya rubuta su.

Hajiya Binta: Ni barin su nake yi. CSS yana rinjayar su, don haka ba sa hana komai. Ran da intanet ta yi nauyi fayil ɗin CSS ya makara, gunkin da ba shi da su zai baje ya cike faɗin allon waya kafin a kamo shi. Wani abin kuma, Rabi'u, in za ka ajiye shi a matsayin fayil na daban, ka tabbata B ɗin `viewBox` babba ne. A cikin HTML burawza na gyara maka in ka rubuta `viewbox`, amma a fayil mai ƙarewa da `.svg` za ta wuce shi kamar ba ka rubuta ba.

Ɗanladi: Ni CSS ɗin gumakana a cikin shafin nake rubuta shi, ba ya makara. Rabi'u, gwada duka biyun ka rage saurin intanet a DevTools, ka turo mana hoton allo.