Sabon abokin tarayya ya biya kuɗin sunan shago, amma littafin ya ƙi daidaita

Assalamu alaikum. Mu biyu ne ke da shagon sayar da shinkafa da takin zamani a Gusau, muna raba riba daidai, kuma mun shigar da mutum na uku a kan kashi ɗaya bisa huɗu na riba. Mun ƙiyasta darajar sunan shagon da amincewar masu saye da shi a kan naira miliyan 4. Saboda haka ya kawo miliyan 3 na jari da miliyan 1 na rabonsa a wannan daraja, da sharaɗin ba za a buɗe mata asusu a littafi ba.

Da farko mai riƙe mana littafi ya zuba miliyan 4 ɗin duka a asusun jarin sabon, sai jarinsa ya wuce abin da yarjejeniya ta ce, namu kuma bai motsa ba. Daga nan ya raba mana miliyan 1 ɗin, dubu 500 kowa, amma abokina ya ƙi sa hannu. Hujjarsa tana da ƙarfi a ganina, domin a sabon tsari ni na riƙe rabina cif, shi kuwa ya sauko daga rabi zuwa ɗaya bisa huɗu, wato daga rabonsa kaɗai aka yanka wa sabon nasa. Kuɗin dai suna cikin asusun banki na shago, ba wanda ya taɓa su.

Shin miliyan 1 ɗin nan za a raba shi bisa tsohon kason riba, ko kuwa a rubuta shi gaba ɗaya a asusun jarin wanda ya sadaukar da rabonsa? Na gode.