An nemi hannun jari fiye da kima, wani ya ƙi biya, an ƙwace an sake sayarwa: yaya kuke shigarwa?

Zainab: Salamu alaikum 'yan zaure. Ina shirin jarrabawar akanta, ga tambayar da ta tsaya mini. Kamfani ya fitar da hannun jari 100,000, kowanne darajarsa naira 1, amma ana sayarwa a naira 1.20. Kwabo 40 wajen nema, kwabo 50 wajen rabo (ƙarin kwabo 20 ɗin yana cikinsa), kwabo 30 wajen kira. An samu masu neman 150,000. An mayar wa masu 25,000 kuɗinsu, sauran aka raba musu daidai gwargwado. Mai hannun jari 2,000 bai biya kira ba, aka ƙwace, aka sake sayar da 1,500 daga ciki a kwabo 80. Don Allah ta ina kuke farawa?

Malam Habu: Wa alaikumus salam. Shawarata, kada ki buɗe ko asusu ɗaya sai kin gama lissafin kuɗi a gefen takarda. Masu nema sun turo 150,000 sau kwabo 40, naira 60,000 ke nan. An mayar da naira 10,000, saura 50,000. Hannun jarin da aka bayar 100,000 ne, kuɗin nemansu naira 40,000 kacal. Don haka akwai rarar naira 10,000 a hannun kamfani, kuma ba a mayar da ita, ana cire ta ne daga kuɗin rabo. Rabo naira 50,000 ne, ke nan abin da zai shigo banki 40,000.

Yanzu ki buɗe asusu ɗaya na nema da rabo. Gefen kiredit: 60,000 da 40,000 daga banki. Gefen debit: 10,000 da aka mayar, 70,000 zuwa asusun jari, 20,000 zuwa asusun ƙarin farashi. Kowane gefe 100,000. In bai rufe ba, kada ki wuce zuwa kira, gyaran yana nan.

Zainab: Malam, me ya sa 70,000 a jari? Ba 90,000 ya kamata ba?

Malam Habu: Kwabo 40 da kwabo 50 sun ba da 90, amma kwabo 20 ƙari ne a kan darajar naira 1, asusunsa daban. Jari yana ɗaukar kwabo 70 a nan, ragowar 30 sai an yi kira.

Sani Kwalli: Ni dai na fi son a raba su biyu, asusun nema daban, na rabo daban. Rarar 10,000 ɗin za ki gan ta ƙarara tana fita daga wannan tana shiga wancan. Sannan wajen ƙwacewa abu ne mai sauƙi: ki yi debit ɗin jari da abin da mutumin ya biya, shi ke nan.

Anti Rabi: Sani, raba asusun babu laifi, ni ma haka aka koyar da mu. Amma na biyun ka karkata. Ana debit ɗin jari da abin da aka kira a kan waɗannan hannayen jarin, ko ya biya ko bai biya ba, domin abin da aka riga aka zuba a asusun jari ke nan. Zainab, ga yadda yake. Kira naira 30,000 ne, mutumin ya riƙe 600, banki ya karɓi 29,400, sai 600 ta zauna a asusun ariyas na kira. Ranar ƙwacewa ki yi debit ɗin jari da 2,000, kiredit ɗin ariyas da 600, kiredit ɗin asusun ƙwatattun hannayen jari da 1,400. Wannan 1,400 ɗin ita ce kwabo 70 da ya biya a kan kowanne. Kwabo 20 na ƙari ya riga ya biya wajen rabo, ki bar shi inda yake.

Sani Kwalli: To ai an kira duka naira 1 ɗin, shi ya sa 2,000. Da saura kira na biyu fa?

Anti Rabi: Sai ka tsaya a abin da aka kira zuwa ranar. Masu shirya tambaya suna son wannan tarkon sosai.

Alhaji Ɗanlami: Ku gafarce ni, ni ba ɗalibi ba ne. Na sayi hannun jarin wani banki a 2024 lokacin da Babban Banki ya ce su ƙara jari. Tun daga nan ban sake biyan komai ba. Ke nan za su iya ƙwace nawa?

Malam Habu: Alhaji, kwantar da hankalinka. Irin wannan tayin ana biyan kuɗinsa gaba ɗaya tun wajen cike takarda, babu wani kira da ya rage a kanka. Ƙwacewa tana faruwa ne a hannun jarin da ake biya kashi-kashi. Ko a nan ma dokar kamfanoni ta 2020 ba ta yarda daraktoci su wayi gari su ƙwace ba. Sai sun aika wa mutum sanarwa, sun sa masa ranar da ba ta gaza kwana 14 ba, sun faɗa masa cewa in bai biya ba zai iya rasa hannun jarin, sannan su zartar da ƙuduri.

Zainab: Allah ya saka. Saura sake sayarwar. Banki 1,200, jari 1,500, giɓin 300 daga asusun ƙwatattu. Sai in kwashe 1,100 da ta rage in kai asusun ƙarin farashi?

Anti Rabi: A'a ƙanwata, nan ne maki yake zubewa. Ba duka aka sayar ba. Kason hannun jari 1,500 daga cikin naira 1,400 ɗin shi ne 1,500 sau kwabo 70, wato 1,050. Cire giɓin 300, ribar 750 ce, ita kaɗai za ki kwashe. Naira 350 ta tsaya a asusun ƙwatattu tana jiran 500 ɗin da ba a sayar ba. Hanyar duba kanki: abin da ya rage a asusun ki raba shi da adadin da ba a sayar ba, dole ya ba ki kwabo 70. Kuma ki lura, kwabo 30 shi ne mafi ƙarancin farashin da za a iya sake sayar da su. Ƙasa da haka, kuɗin mutumin farko da na na biyu ba za su cika naira 1 ba, ya zama an sayar ƙasa da daraja.

Malam Habu: Bari in ƙara miki wadda ta fi zafi, don sukan juya tambayar. A ce tun rabo bai biya ba. An ba shi 2,000, rabon kuwa 4 ne cikin kowane 5, tunda 100,000 aka raba wa masu neman 125,000, ke nan 2,500 ya nema, ya turo naira 1,000. Kuɗin nemansa 800, rararsa 200. Kuɗin rabonsa 1,000 ne, cire 200, ana bin sa 800, ga kuma 600 na kira. Wannan karon ƙarin bai shigo ba, don haka sai a janye shi: debit jari 2,000, debit ƙarin farashi 400, kiredit ariyas 1,400, kiredit ƙwatattu 1,000. Dubun nan ita ce ainihin kuɗin da ya taɓa fitarwa. Duk inda kika ga an raba gwargwado, fara nemo nawa mutumin ya nema.

Sani Kwalli: Ni matsalata da 750 ɗin ce. Bidiyon malaman Indiya da nake kallo duk asusun ajiyar jari suke kai ta.

Anti Rabi: Tsarinsu ke nan. Littattafan da muka yi karatu da su a nan ƙarin farashi suke kaiwa. Duka biyun dai ba riba ce da za a raba wa masu hannun jari ba. Zainab, ki duba amsoshin tsofaffin tambayoyin hukumar da za ki zauna wa, ki bi nasu.

Malam Habu: Ni ina ganin in ta rubuta dalilinta a ƙasa, kowanne ta zaɓa za a karɓa.

Anti Rabi: Malam, ba kowane mai duba takarda ne ke karanta bayanin ƙasa ba. Ni ba zan ba ta wannan shawarar ba.

Zainab: Zan duba tsofaffin tambayoyin yau da daddare in sha Allah. Malam, a misalinka na biyu, in aka sayar da 1,500 a kwabo 80, rabonsu 750 ne, cire 300, saura 450 ko?

Malam Habu: Haka ne, 250 kuma ta jira sauran 500.